Ƙudan kwata da warin magudana: abin da ke haifar da su a gidajen Fagge da Sabon Gari, da yadda ake raba su da bututu

Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da mazauna gidajen haya a Fagge da Sabon Gari suka saba gani a bangon banɗaki, musamman da almuru. Bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, launinsa toka-toka ne, jikinsa da fukafukansa duk gashi, kuma idan ya sauka sai ya baje fukafukan nan kamar ƙaramin malam-buɗe-littafi. Ba ya cizo, ba ya kuka a kunne irin na sauro, tashinsa ma bai wuce ɗan tsalle daga wannan tayil zuwa wancan ba. Shi ya sa ake raina shi. A fesa masa magani yau, jibi a tarar da wasu sun maye gurbinsa.

Wannan ƙwaro shi ne ƙudan kwata, kuma ganinsa shaida ce ta abu guda: a wani wuri kusa, galibi bai wuce 'yan taku ba, akwai yauƙin ƙazanta da ya kwanta a cikin bututu ko magudana. Sau da yawa hanyar da ƙudan ya bi ya shigo ɗaki ita ce hanyar da warin sokawe yake bi. Wanda ya gano yauƙin da ƙofar ya magance abu biyu a lokaci ɗaya.

Wane ne ƙudan kwata?

Masana ƙwari sun sanya shi a dangin da suke kira Psychodidae. Nau'in da ya fi yawa a banɗakunan ƙasashe masu zafi shi ne Clogmia albipunctata, wanda ake gane shi da fararen ɗige-ɗige a fukafukansa. Tsawonsa milimita 2 zuwa 5 ne.

Macen takan zuba ƙwai da dama a dunƙule, daga talatin har abin da ya haura ɗari, a kan yauƙin da ke jikin bututu. Cikin kwana biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar da ta fito siririya ce, ba ta da ƙafa, tana cin yauƙin, tana kuma shaƙar iska ta wani ɗan bututu da ke ƙarshen jikinta. Takan yi kwana tara zuwa sha biyar a haka, sannan ta naɗe kanta na kwana ɗaya ko biyu, ta fito da fukafukai. Baligin ƙuda yakan rayu kamar mako biyu. Daga ƙwai zuwa tashi, ke nan, mako biyu ne zuwa uku, kuma zafi yana gaggauta abin.

Wannan lissafi shi ke bayyana dalilin da ya sa feshi ba ya kai ko'ina. Waɗanda ake gani a bango su ne kaɗan daga cikin gayya. Ƙwai da tsutsa suna can cikin bututu, inda feshin ba ya isa, kuma kowace safiya wasu sababbi ne ke fitowa.

Yana da kyau a bambanta shi da maƙwabtansa, domin kowanne da mazauninsa. Ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke shawagi a kan mangwaro ko ayaba da ta nuna sosai, 'ya'yan itace da kwandon shara suke bi. Sauron da ke cizo da dare a unguwannin da kwata ta toshe kuwa, a ruwan da ya tsaya yake hayayyafa. Ƙudan kwata ba ya buƙatar tafki: danshi da yauƙi sun ishe shi.

Yauƙin da ke ciyar da shi

Duk wanda ya taɓa cire murfin magudanar banɗaki ya san baƙin abin nan mai santsi da ke manne a ƙarƙashinsa. Ba datti ne kawai da ya taru ba, abu ne mai rai. Ƙwayoyin bakteriya ne suke manne wa bangon bututu, su fitar da wani ruwa mai danƙo su lulluɓe kansu da shi. Wannan danƙo yana kama duk abin da ya zo wucewa: kumfar sabulu, gashi, maiƙon miya, ragowar tuwo, dattin jiki. Da haka yake kauri, rana bayan rana.

Misalin da ya fi kusa da shi yana bakin kowa. Dattin da ke taruwa a haƙori irin wannan yauƙi ne, kuma kowa ya san kurkure baki ba ya fitar da shi, sai an sa asuwaki ko buroshi. Haka bututu yake. Ruwan bilic da aka kwarara yana bin ƙasan bututun ya wuce cikin daƙiƙoƙi, ya ƙona fatar saman yauƙin kawai. Na ƙarƙashi suna nan lafiya. Tsutsotsin kuma sun fi zama a gefe da saman bututu, sama da inda ruwa ke bi, don haka sau da yawa ko taɓa su maganin ba ya yi.

Daga ina warin yake?

Inda ƙazanta ta kwanta ba iska, wasu bakteriya suna narkar da ita su fitar da iskoki. Mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ita ce wadda ake rubutawa H₂S. Akwai kuma ammoniya mai ɗoyin tsohon fitsari, da iskar mitan, wadda ba ta da wari amma tana kamawa da wuta.

Abin da ke tsare waɗannan iskoki daga shiga ɗaki ƙaramar dabara ce: lanƙwasar bututu mai siffar harafin U da ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke hannu, da masai na zamani, da magudanar ƙasa. Kullum ruwa yana kwance a cikin lanƙwasar, zurfinsa kamar santimita 5, kuma wannan ruwa shi ne ƙyauren. Muddin yana nan, iska ba ta wucewa, ƙwaro ma ba ya wucewa. Ana iya kiran sa tarkon ruwa.

Ta hanya uku wannan ƙyaure yake buɗewa. Ta farko ita ce bushewa: a lokacin hunturu da bazara, lokacin da iskar Kano ke shanye danshi, banɗakin da aka yi makonni ba a shiga ba ruwan tarkonsa yana ƙafewa. Ta biyu ita ce rashin bututun numfashi, wato dogon bututun da ya kamata ya tashi daga layin masai ya wuce saman rufi. Idan babu shi ko ya toshe, ruwan da aka kora daga bene yana zuƙe ruwan tarkon da ke ƙasa, kuma alamar haka ita ce ƙarar gurgur da ake ji a magudana bayan wani ya kora ruwa. Ta uku ita ce mafi yawa a tsofaffin gidaje da waɗanda aka yi wa aikin araha: tun farko ba a sa tarkon ba. An huda daɓe, an zura bututu kai tsaye zuwa kwata ko sokawe, an ɗora murfi.

Me ya sa Fagge da Sabon Gari?

Fagge tsohon zango ne na fatake a wajen ganuwar birni. Sabon Gari kuma an shata shi ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Dukansu yau suna cikin ƙaramar hukumar Fagge, wadda ta ƙunshi Kantin Kwari da kasuwar Abubakar Rimi da babbar mayankar Kano. An shata filayen don jama'a kaɗan, yau ga benaye, ga otal-otal, ga gidajen abinci, ga gidajen haya inda iyalai da yawa ke raba banɗaki ɗaya.

Kano ba ta da babban layin bututun najasa da ya haɗe gidajen birnin. Kowane gida da tasa dabarar: masai ya tafi rami ko sokawe, ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi ta rariya zuwa kwatar titi, kwatar kuma ta gangara rafin Jakara, wanda ke kwasar ruwan tsohon birni da na Fagge ya nufi dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir. Ma'anar wannan ita ce, bututun banɗakin da ba shi da tarko buɗaɗɗiyar ƙofa ce tsakanin ɗakin kwana da kwatar unguwa.

Ƙarancin ruwa yana ƙara wa abin nauyi. Gidan da ke sayen jarka daga 'yan ga-ruwa ba ya kwarara ruwa da yawa a lokaci guda. Wanka da rabin bokiti, wanke-wanke da ɗan kwano, sai ruwan ya riƙa tsiyaya a hankali, ya ajiye maiƙonsa a hanya maimakon ya tafi da shi. Da damina kuma matsalar tana juyowa ta baya. Idan kwata ta cika da leda da yashi, ruwan sama yana tura ƙazanta ta koma cikin bututun gidaje, idan ya janye ya bar laka a ciki. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta nuna wa kowa yadda toshe hanyar ruwa ke ƙarewa. Abin da ya faru a kasuwa da girma, yana faruwa a bututun gida da ƙanƙanta kowace damina.

Misali: gida ɗaya, mako uku

A ɗauki misalin bene mai hawa ɗaya a Sabon Gari. A ƙasa akwai mai sayar da abinci da ɗakin girkinta, da banɗakin da 'yan haya ke rabawa. A sama akwai banɗakuna biyu, ɗaya na ɗakin da mai shi ya yi tafiya wata biyu. Ƙudaje sun cika matakala, wari kuma ya fi tashi da asuba. Kowa yana zargin banɗakin ƙasa.

Aikin farko shi ne gano mazaunin, ba zuba magani ba. Da dare, bayan an gama amfani da ruwa, sai a busar da bakin kowace magudana, a gitta salatif mai faɗi a kai, ɓangaren danƙo yana kallon ƙasa. Kada a rufe ramin ruf, a bar gefe don iska ta riƙa fitowa, domin iskar ƙudan ke bi. Wanda ba shi da salatif ya shafa ɗan man gyaɗa a cikin kofin roba mai haske ya kifa a kai. A duba da safe, a maimaita dare uku.

A wannan gida, a ce salatif ɗin banɗakin ƙasa ya kama biyu ko uku, na magudanar ɗakin girki ya kama fiye da ashirin, na banɗakin matafiyi kuma ya kama goma. An sami wuri biyu ke nan, kuma cutarsu ba ɗaya ba ce.

A banɗakin matafiyi, tocila ta nuna lanƙwasar a bushe. Nan ƙofa ce kawai: ƙudaje da wari daga layin sokawe suke hawowa. Maganinsa lita ɗaya ta ruwa a magudanar ƙasa, ɗaya a wurin wanke hannu, da bokiti guda a masai. Idan ɗakin zai ci gaba da zama a rufe, cokali ɗaya na man girki a kan ruwan tarkon magudana yana rage ƙafewa. Idan wari ya ɗauke cikin kwana ɗaya, an gano bakin zaren.

Ɗakin girki shi ne gidan haihuwa. Nan sai an sa hannu. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba, ya buɗe taga, ya cire murfin magudanar ya kankare ƙarƙashinsa, domin nan ƙwai ya fi yawa. Sai ya zura waya mai lanƙwasasshen kai ya jawo gashi da tarkacen da suka maƙale. Duk abin da ya fito a zuba a leda a ɗaure, kada a mayar da shi ciki. Daga nan sai buroshi mai dogon hannu da tauri, irin na wanke kwalba, wanda faɗinsa ya cika bututun. A goge ciki duka, gefe da sama da ƙasa, da ruwan omo, har iyakar inda hannun buroshin ya kai. A tsaya a duba da tocila: idan aka kankara da tsinke ya fito da baƙin yauƙi, aiki bai ƙare ba.

Bayan gogewa sai kora. A nan yawan ruwa a lokaci guda ya fi yawansa a jimla: bokiti ɗaya da aka juye gaba ɗaya ya fi buta goma da aka tsiyaya. Ruwan ya zama mai zafi don ya narkar da maiƙo, amma ba tafasasshe ba, domin bututun roba yana laushi, haɗinsa kuma yana saki idan zafi ya wuce kimanin digiri 60. Sai a bi layin zuwa waje, a buɗe ɗan akwatin siminti da bututun ke zubawa a ciki kafin kwata, a kwashe daskararren maiƙon da ke ciki.

Ba a yanke hukunci washegari. Ƙudajen da suka riga suka tashi za su yi kwanaki suna yawo, kuma waɗannan ne kaɗai za a iya bi da tsintsiya ko feshi. A riƙa juye bokitin ruwan zafi kowane dare na mako guda, a sake goga a kwana na bakwai, sannan a maimaita gwajin salatif a mako na uku. Idan ya fito fes, an karya zagayen haihuwar. Daga nan goga sau ɗaya a mako a ɗakin girki ya isa, tare da daina zuba ragowar miya da mai a magudana.

Idan sun dawo

Dawowar ƙudaje bayan aiki irin wannan tana nufin akwai mazaunin da buroshi bai kai ba. Wuri huɗu ake dubawa. Na farko, gangaren bututu: babban bututu mai inci huɗu yana son sauka kamar santimita biyu da rabi a kowace mita, idan ya kwanta ko ya yi ciki ruwa zai riƙa kwana a tsakiya. Na biyu, fashewa a ƙarƙashin daɓe, wadda alamarta tayil mai motsi, bango mai danshi a gindi, ko ƙudaje masu fitowa daga tsagar siminti maimakon bakin magudana. Na uku, murfin sokawe da ya tsage ko ramin da ya cika. Na huɗu, kan bututun numfashi da ba a ɗaura wa raga ba. Biyun farko aikin mai gyaran famfo ne, kuma a gidan haya nauyin mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Haka ma sa tarko a inda babu shi.

Abin da bai kamata a yi ba

Haɗa magunguna shi ne kuskure mafi haɗari. Bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko ruwan batir, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Bilic da abin da ke da ammoniya ma suna fitar da wata iska mai guba. A ƙaramin banɗaki marar taga, wannan kan kai mutum asibiti. Soda mai ci tana narkar da maiƙo, amma tana cin fata da ido, tana kuma ɗumama bututun roba.

Fiya-fiya ma ba ta da wurin zama a nan. Guba ce da aka yi don gona, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni. Zuba ta a magudana ba ya cire yauƙi, sai dai ya cika ɗaki da guba. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke zubawa a rami suna kashe bakteriyar da ke narkar da najasa, ramin ya yi saurin cika, kuma suna iya tsiyaya zuwa rijiyar maƙwabci.

Abu na ƙarshe shi ne shiga rami. Hanci yana jin H₂S tun tana ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iska, amma idan ta kai wajen kashi ɗari cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci ta tafi. Idan ta kai ɗaruruwa tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Ta fi iska nauyi, don haka a gindin rami take taruwa. Shi ya sa sau da yawa wanda ya shiga ceto yake bin wanda ya je cetowa. Idan wani ya faɗi a sokawe, hukumar kashe gobara ake kira.

Shin yana kawo cuta?

Ƙudan kwata ba ya shan jini, ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro. Amma yana tasowa daga najasa ya sauka a kan kwano, da buroshin haƙori, da teburin yanka nama. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan asibitocin Jamus ya sami nau'o'in bakteriya masu yawa a jikin wannan ƙuda, ciki har da masu sa cuta. Inda suka yi yawa ƙwarai, ɓurɓushin jikinsu kan tayar wa masu asma ciwo. Don haka haɗarinsa a ɗakin kwana kaɗan ne, amma a ɗakin girkin gidan abinci, da mayanka, da ɗakin jinya, ba abin rainawa ba ne.

Inda ikon buroshi ya ƙare

Mai gida na iya goge bututunsa ya sa tarko, amma idan kwatar ƙofar gida ta tsaya cik, can ƙudan zai ci gaba da haihuwa ya shigo ta taga. Daga bakin rariya zuwa waje, magana ta koma ta hukuma. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su, da banɗakunan jama'a, da zubar da najasa da shara, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A matakin jiha, hukumar REMASAB ce ke kwashe shara, KNUPDA kuma ita ke ba da izinin gini, duba-gari su ne masu shiga gidaje da wuraren abinci. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tambayar nawa aka ware wa yashe magudanai tana da adireshin da za a kai ta.

Ƙorafin da ya fi tasiri shi ne mai ƙayyadadden bayani: sunan layi, wurin da kwalbati ya toshe, tsawon lokacin da ruwa ya tsaya, da hoto mai kwanan wata, a miƙa wa kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce. Akwai kuma abin lura a ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Matasa kan yashe kwata su tara laka a gefen titi, idan motar kwasa ba ta zo ba ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Kafin a ɗauki shebur, a fara tambayar ranar da motar za ta zo da wanda zai turo ta.